Zomo ɗaya ya mutu, na biyun ya daina cin abinci: me zan yi?

Assalamu alaikum. Ɗana Abba, mai shekara 11, ya tara kuɗinsa ya sayo 'yan zomaye biyu a kasuwa mako uku da suka wuce, ƙanana ne, kowanne bai fi cikin tafin hannu ba. Bayan mako ɗaya ɗayan ya kama zawo ya mutu. Wanda ya rage tun jiya da ƙyar yake taɓa abinci, kashinsa ya ƙanƙance, da rana kuma sai ya miƙe yana haki. Muna ba shi dusa kwaɓaɓɓiya, da ragowar tuwo ko shinkafa, da karas da kabeji. Ba ma ba shi ruwa, don mai sayarwar ya ce ruwa ne ke kashe zomo. Yana cikin kejin waya a jikin katanga, da kwano a samansa. Maigida ya ce ko dai a jiƙa masa amfikulos, ko a yanka shi a huta. Maƙwabciyata kuma ta ce kaɗaici ne, in sayo masa ɓeran Masar. Yaron ko makaranta ba ya son zuwa. Ku taimaka mini da shawara.

Maman Abba, daga Daura

Wa alaikumus salam, Maman Abba. Allah ya ba zomon lafiya, ya sanyaya wa Abba zuciya.

Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ki tashi ki yi abu uku. Ki ɗauke kejin daga inda yake ki kai shi wuri mafi sanyi a gidan, ko da cikin ɗakin ƙasa ne ko zaure. Ki zuba ruwan randa a kwano mai nauyi wanda ba zai kife ba ki ajiye a gabansa. Ki kwashe duk abincin da ke kejin, ki aiki Abba ya sayo harawar gyaɗa ko ta wake mai kyau ya zuba masa. Amfikulos kuwa kada ya kusanci bakinsa, zan zo kan dalili. Ina gaggauta ki ne saboda zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, yana cikin haɗari na gaske, ƙaramin zomo kuma ya fi babba saurin faɗuwa.

Yawancin masu kiwon zomo a gida suna ɗaukarsa kamar kaza, abin da ya rage a tukunya shi ne nasa. Cikinsa kuwa ya fi kama da na doki. Ke da kike Daura kin san yadda masu dawakin hawan Sallah ke yi: ciyawa da harawa ba sa yankewa a gaban doki, ruwa safe da yamma, hatsi kuma da awo ake ba shi, don in ya yi yawa ciki ya ɗaure. Haka zomo yake. A ƙarshen ƙaramin hanjinsa akwai wata babbar jaka cike da ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne ke narka masa ganye da ciyawa. Abin da ke sa hanjin nan motsi shi ne harza, wato ƙaiƙayin busasshiyar ciyawa da jijiyar ganye. In harzar ta yi kaɗan, hanji ya rage tafiya. In kuma aka cika shi da tuwo, shinkafa, burodi ko dusa mai yawa, sitacin da bai narke ba ya isa jakar nan, ƙwayoyin cuta su samu abinci su rinjayi masu amfanin, iska ta taru, ciki ya yi ciwo. Zomo ba ya iya amai, saboda haka duk abin da ya shiga sai ya bi hanya har ƙarshe. Da ya ji ciwo sai ya daina ci, da ya daina ci hanjin ya ƙara tsayawa, abin da ke ciki ya bushe ya dunƙule, musamman in babu ruwa. Ƙanƙancewar kashin da kika gani ita ce alamar farko ta wannan tsayawar.

Don haka kashinsa za ki riƙa dubawa fiye da komai. Na lafiyayyen zomo zagayayye ne, busasshe, girmansa ɗaya, in kika murje shi ya wargaje kika ga ɓarɓashin ciyawa, kuma yana yin sa da yawa, fiye da ɗari a yini. In ya zama ƙanana, baƙaƙe, masu tauri, harza da ruwa sun yi kaɗan. In ya fito a jere gashi ya sarƙe shi, ya haɗiyi gashi ne wajen lasar jiki kuma hanji na jan ƙafa. In babu shi gaba ɗaya, ko ya zama ruwa, ko majina ta biyo shi, wannan na likita ne a ranar. Akwai kuma wani kashi na daban, mai laushi, mai sheƙi da wari, a manne da juna, wanda zomo ke yi galibi da dare ko da asuba ya cinye shi kai tsaye daga jikinsa. Kada Abba ya gani ya ɗauka ƙazanta ce ya hana shi. Ta nan yake samun wasu sinadaran gina jiki da bitamin da ƙwayoyin cikinsa suka haɗa. In kika fara ganin irin wannan a zube a keji ko a manne a gindinsa, yawanci abinci mai maiƙo ne ya yi masa yawa.

Yanzu ga yadda za ki yi da shi yau. Ki sa tafin hannu a ƙarƙashin cikinsa ki taɓa a hankali. In cikin ya kumbura ya yi tauri, ga shi ya takure yana cizon haƙora, kada ki ɗura masa komai, ki ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi nan take, domin wataƙila hanya ce ta toshe, ɗura kuma ƙara masa wahala za ta yi. In cikin da laushi, sai ki fara da ruwa. Bisa yadda kika kwatanta shi, zomon nan bai wuce mako bakwai ko takwas da haihuwa ba, nauyinsa zai kai giram 700 zuwa 800. Ki sa a ɗora shi a sikelin mai shago don ki tabbatar, likita ma zai buƙaci nauyin. Ki samu sirinji sabo ki cire allurar. Ki naɗe zomon a tsumma, ƙafafunsa huɗu a ƙasa, kada ki kwantar da shi rigingine. Ki sa bakin sirinjin ta gefen baki, a gurbin da ke bayan haƙoran gaba, ki matsa kaɗan kaɗan, ki jira ya haɗiye. Mililita 5 zuwa 8 a lokaci ɗaya ya isa, duk bayan awa biyu. In kina da ruwan gishiri da sukari na leda da ake ba yara masu zawo, ki haɗa shi yadda aka rubuta a jiki ki yi amfani da shi, ya fi ruwa zalla a wannan hali.

In bayan ya sha sau biyu ko uku bai fara tsintar harawar da kansa ba, ki kakkaɓe ganyenta, ki daka a turmi mai tsabta, ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki dama garin da ruwa ya yi ruwa-ruwa yadda zai bi sirinji. Za ki iya yanke bakin sirinjin kaɗan don ya faɗaɗa. Ki ba shi kimanin mililita 8, sau biyar a yini, wato mililita 40 ke nan ga zomo mai wannan nauyi. Ki bar shi ya ɗan taka a tsakar ɗaki da yamma, motsi na tayar da hanji. Ki share kejin tas ki shimfiɗa buhu fari ko takarda don ki ga abin da zai fito. Na farkon zai zo ƙanana, a murɗe, wannan ma abin farin ciki ne. In aka kwana babu ko ɗaya, ko ya yi laushi ya kasa ɗaga kai, ko kunnensa ya yi sanyi ƙalau alhali ana zafi, gida ya gaza.

Ni dai da za ki bi tawa, ko ya fara ci ki kai shi asibitin dabbobi na gwamnati gobe da safe, kafin rana ta yi, da ɗan kashinsa a ƙulle a leda. Dalili shi ne ɗan'uwansa. Zomo mai cika tafin hannu bai fi mako huɗu ba, alhali ya kamata ya zauna da uwarsa mako shida zuwa takwas. Wanda aka raba da nono da wuri, aka sauya masa abinci rana ɗaya, aka kai shi kasuwa cikin rana, shi ne zawo ya fi kamawa. Cikin abubuwan da suka fi kashe 'yan zomaye a wannan shekaru akwai ƙwayar koksidiya, wadda ke zama a hanji ko a hanta, tana yaɗuwa ta kashi, ta fi son keji mai danshi inda abinci ke haɗuwa da bahaya. Tun da keji ɗaya suka zauna, wanda ya rage ma zai iya ɗauke da ita. Ana ganin ta in aka duba kashi a madubin likita, tana da magani, kuma ba tsada. Likita zai kuma iya yi masa allurar ruwa a ƙarƙashin fata da maganin rage ciwo, waɗanda su ne ke sa zomo ya koma ga abinci da wuri. Kafin ki mayar da shi kejin, ki kankare shi ki zuba masa tafasasshen ruwa, ki shanya a rana ya bushe sarai.

Maganar amfikulos, ki isar wa maigida da ladabi amma kada ki sassauta. Niyyarsa mai kyau ce, kuma abin da aka saba yi wa kaza da akuya ke nan a gidajenmu. Sai dai amfisilin da amoksisilin da amfikulos da duk dangin penisilin, haka linkomaisin, in zomo ya sha su ta baki suna kashe ƙwayoyin nan masu amfani da ke cikin jakar hanjinsa, su bar masu dafi su yawaita. Zomon zai iya yin kwana biyu ko uku kamar ya samu sauƙi, sannan zawo ya ɓarke ya mutu, a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Akwai magungunan da zomo ke jurewa, likita ne zai zaɓa ya auna da nauyinsa. Yankawa kuma, naman zomo halal ne, amma ɗan zomo marar lafiya da bai kai kilo ɗaya ba babu abin da zai ƙara wa tukunya, kuma yaron da ya tara kuɗinsa ya saya yana kallo. A ba shi kwana biyu na kulawa tukuna.

Batun ruwa shi ya fi ɓata mini rai, don wannan magana ta yaɗu ƙwarai kuma ta kashe zomaye da yawa. Asalinta ba wuya a gane. Mutane sun ga zomon daji yana rayuwa nesa da rafi, yana samun abin da yake buƙata daga ɗanyen ganye da raɓa. Sun kuma ga zomon gida da damina, lokacin da ake zuba masa ɗanyar ciyawa, bai cika kula kwanon ruwa ba. Wasu kuma sun ga inda aka ajiye ruwa ya zube, keji ya jiƙe, zawo ya biyo baya, sai suka ɗora wa shan ruwan laifi, alhali danshi da ƙazanta ne. Zomo na shan kimanin mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, yana iya ninkawa in ana zafi ko in busasshen abinci yake ci. Babban zomo mai kilo biyu zai iya shanye kusan ledar fiya wata ɗaya a rana irin ta watan Afrilu, mai shayarwa kuwa ta wuce haka. Ƙaramin kasko na ƙasa ya fi roba, ba ya kifewa kuma ruwan na yin sanyi a ciki. A wanke shi kullum, a sauya ruwan safe da yamma.

Hakin da yake yi da rana zafi ne. Zomon gida da zomon dajinmu ba jinsi ɗaya ba ne. Na gida jikan zomon Turai ne, asalinsa yankin Sifen da Fotugal, dabbar da ke haƙa rami ta wuni a ƙarƙashin ƙasa, ta fito kiwo da magariba da asuba. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas. Da an haura 30 ya fara wahala ya rage ci, in aka kai 35 zai iya mutuwa. A Daura kuwa bazara na kai 40 har ta wuce, ƙarƙashin kwano a jikin katangar da rana ta gasa ya fi haka. Ba ya gumi kamar mutum. Kunnuwansa ne ke fitar masa da zafi, shi ya sa za ki ga jijiyoyinsu sun fito sun yi ja da tsakar rana. In kika gan shi ya miƙe, hanci na rawa da sauri, ki jiƙa hannu da ruwan randa ki shafa masa a kunnuwa, ki yi masa fifita. In ya kai ga buɗe baki yana numfashi, miyau na zuba, abin ya yi nisa, domin zomo ta hanci kaɗai yake numfashi in yana lafiya. Kada a tsoma shi a ruwa, kada a sa masa ƙanƙara a jiki. Wanka ma gaba ɗaya ba a yi wa zomo, firgita da sanyin da ke biyo baya na iya kashe shi.

Wurin zama, abin da ya fi dacewa da garinmu shi ne ƙasa, a inuwa, ba kejin waya a sama ba. In akwai wani lungu a gidan da rana ba ta bugunsa daga hantsi zuwa la'asar, ƙarƙashin darbejiya ko rumfar zana, a kewaye masa wuri da raga mai ƙananan idanu, tsawon mita uku da faɗin mita biyu in fili ya samu, in bai samu ba gwargwadon hali, amma ya zama zai iya tsalle uku a jere ya kuma miƙe a kan ƙafafun baya kunnensa bai taɓa rufi ba. A rufe saman saboda kyanwa da shaho. A yi daɓen siminti ko a binne raga a ƙasa, in ba haka ba zai haƙa ya fita ko ya cinye gindin katanga, gafiya da maciji kuma su samu hanya. A kan daɓen a zuba yashi a gefe ɗaya. A samu tsohuwar randa ko tulu mai faɗin baki a kwantar da ita a gefe, a binne rabinta a yashin, a riƙa yayyafa ruwa a bayanta da hantsi. Cikinta zai yi sanyi, ga duhu, ga maɓoya, abin da zomo ke nema ke nan. In da firji a gidan kuma an samu wuta, gorar ruwa mai ƙanƙara a naɗe da tsumma a ajiye kusa da shi tana taimakawa, zai jingina da ita in ya so. In dole sai kejin, a cire kwanon a sa zana ko asabari mai kauri, a ɗora katako ko tabarmar kaba a rabin ƙasan, domin zomo ba shi da tsokar tafin ƙafa irin ta kyanwa, gashi ne kawai, waya na cinye shi ta bar gyambo a dunduniya. Da hunturu kuma a kare ɓangaren da iska ke shigowa da buhu saboda ƙura, a bar ɗaya ɓangaren a buɗe.

Zomo na zaɓar kusurwa ɗaya ya mayar da ita makewayi. Abba ya lura da ita, ya riƙa kwashewa kullum ya zuba sabon yashi. Fitsarin zomo kan yi kauri, wani lokaci fari-fari, wani lokaci ja-ja, wannan ba ciwo ba ne in yana ci yana wasa. Abin tsoro shi ne gindi mai danshi da kashi a manne, don ƙuda na yin ƙwai a wurin, cikin kwana ɗaya tsutsa ta fito ta fara cin fata. A ɗaga shi a duba kullum, musamman in damina ta faɗi.

Na ce a ɗaga shi, to ba ta kunne ba. Na san haka ake yi a kasuwa, yara kuma su kwaikwaya. Kunnen cike yake da jijiyoyi, kuma zomon da ke reto yana harbin iska da ƙafafun baya zai iya karya ƙashin bayansa, don ƙafafun na da ƙarfi ƙashin kuma marar kauri ne. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, a manna shi a jiki. Ya fi kyau Abba ya zauna a ƙasa ya bar zomon ya zo wurinsa da kansa.

In Allah ya sa ya warware, ga yadda abincinsa zai kasance. Kusan kashi 80 cikin 100 busasshiyar ciyawa da harawa, dami mai girman jikinsa kowace rana, kuma kada gabansa ya zama babu ita ko da dare, don da dare ya fi ci. A rataye ta ko a sa a kwandon waya don kada ya taka ya yi fitsari a kai. Yanzu da yake girma, harawar gyaɗa da ta wake sun dace da shi saboda suna da sinadarin gina jiki. In ya kai wata shida sai a riƙa haɗa masa rabi da rabi da busasshiyar ciyawa irin su harkiya, burburwa ko ƙyasuwa da aka yanka kafin ta tsufa, domin harawa zalla na sa babban zomo ƙiba da fitsari mai alli. Wajen saye a buɗe damin a shinshina. Wadda ta riƙe korenta, ganye bai zube ba, ita ce. Wadda ta yi baƙi, ko take warin rima, ko farin gari ke tashi daga cikinta, a bar ta ko kyauta ce, zomo ba ya jure dafin fumfuna, na gyaɗa ya fi muni. Da bazara harawa kan yi tsada, na sani, amma dami ɗaya da rago zai cinye a kwana biyu zai kai ɗan zomo makonni. Bayan kaka, lokacin da take araha a kasuwanni irin ta Mai'aduwa, a saya a adana a kan rumfa inda ruwa da gara ba za su kai ba.

Akwai dalili na biyu da ya sa ciyawar nan ta zama dole. Haƙoran zomo 28 ne, kuma dukkansu ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaba suna ƙaruwa da kusan milimita biyu a mako. Tauna ciyawa gefe da gefe ce ke goge su. Zomon da ya tashi a kan tuwo da jiƙaƙƙiyar dusa, bayan wasu watanni turamensa na yin tsini su yanki harshe ko kunci, sai a ga yana zuwa wurin abinci ya ɗauka ya saki, haɓarsa a jiƙe da miyau, ido na hawaye, yana ramewa. In ya kai nan sai likita ya goge su, kuma sau da yawa abin na dawowa.

Ɗanyen ganye ki dakata da shi har ya cika wata uku kuma kashinsa ya daidaita. Sannan ki fara da iri ɗaya, ganye biyu ko uku, ki jira kwana biyu ki ga kashin, kafin ki ƙara ko ki kawo wani. Ganyen dankalin Hausa, zogale, ganyen karas da ɗanyar harawa duk suna da kyau. Babban zomo cikin hannu biyu a yini ya ishe shi. Kabeji kaɗan, don yana tara iska. Karas ɗin kansa zaƙi ne, yanki ɗaya mai tsawon ɗan yatsa sau biyu a mako, ba abinci ba ne. Ganyen da aka tsinto wurin masu kayan gwari a wanke shi sosai a bar shi ya tsane, saboda feshin maganin ƙwari da ake yi a lambu, kuma kada a bar shi a ƙulle a leda ya yi zafi. Da farkon damina a yi hattara da sabuwar ciyawa, a sha iska da ita ta ɗan yi yaushi, a shigar da ita sannu a hankali. Abba ya san waɗanda ba a kawowa ko kusa: tumfafiya, zurma, bini da zugu, zaƙami, ganyen tumatir, ganyen dankalin Turawa, ɗanyen ganyen rogo, albasa da tafarnuwa.

Dusa ba haramun ba ce, awo take so. Babban cokali ɗaya ko biyu a yini, busasshiya ko an ɗan yayyafa mata ruwa, abin da ya rage bayan awa ɗaya a zubar, domin kwaɓaɓɓiyar dusa na tsami cikin 'yan awoyi a wannan zafi. In an samu abincin zomo na buhu, mai 'yan dunƙule, ya fi dusa, kimanin giram 25 a kan kowane kilo na nauyin babban zomo. Abincin kaji kada a ba shi. Harzarsa kaɗan ce, na masu ƙwai alli ya yi masa yawa, wasu kuma ana zuba musu maganin koksidiya na kaji wanda guba ne ga zomo.

Maƙwabciyarki ta yi gaskiya a rabi. Zomo dabbar taro ce, yana jin kaɗaici. Amma ba kaɗaici ne ya hana wannan ci ba, kuma ɓeran Masar ba abokin zamansa ba ne. Harbi ɗaya na zomo zai iya karya shi. Zomo na iya ɗauke da wata ƙwayar cutar numfashi ba tare da ta dame shi ba, ita kuwa tana sa wa ɓeran Masar ciwon huhu. Abincinsu ma ya bambanta a wuri ɗaya mai muhimmanci: jikin zomo na haɗa bitamin si da kansa, na ɓeran Masar ba ya iyawa, sai an ba shi kullum ta ɗanyen ganye, tattasai ko ɗan yankin gwaiba, in ba haka ba cikin 'yan makonni gaɓoɓinsa su kumbura, dasashi ya fara jini, ya kasa tafiya. In Abba na son sa wata rana, a yi masa nasa wurin daban, su biyu, duk maza ko duk mata.

Abokin zomo zomo ne, amma ba yanzu ba. A bari wannan ya yi wata guda yana ci yana kashi lafiya. A sa wanda ya iya ya duba ko mace ce ko namiji, tun da a ƙanana ana yawan kuskure. Sannan a sayo daga gidan mai kiwo inda za a ga uwar da tsabtar wurin, wanda ya cika mako takwas, a tambayi abin da yake ci a ci gaba da ba shi irinsa, a ware shi mako biyu kafin a haɗa su, haɗawar ma ta fara ta bayan raga. Mata biyu da suka tashi tare sun fi zama lafiya. Maza biyu in sun balaga faɗa suke yi har da rauni, sai in an dandaƙe su a asibiti. Mace da namiji kuwa, daga wata huɗu zuwa shida za su fara barbara, cikin macen na kwana 31 ne, tana iya haifar shida ko takwas, kuma tana iya sake ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. In ba kiwo kuke nufi ba, ku yanke wannan shawara da maigida kafin a sayo na biyun. Zomon da aka kula da shi yana kai shekara takwas, wani ya wuce goma.

Abba kuma ki ba shi aikin da zai iya: wanke kasko da zuba ruwa kafin ya tafi makaranta, zuba harawa, da duba kashin safe ya gaya miki yadda ya gan shi. Ɗurar sirinji ke za ki yi da kanki. Ki gaya masa gaskiya cewa zomon na cikin haɗari kuma ana iya ƙoƙari, kada ki yi masa alkawarin zai tashi. Ya tafi makaranta gobe, ke ki kai zomon asibiti a kwali mai huji, da harawa a ciki da jiƙaƙƙen tsumma a kai, kafin ƙarfe tara.